Madafa da salon a ɗaki ɗaya: yaya zan raba su a ido ba tare da gina bango ba?

Maman_Nafisa:
Assalamu alaikum, ƴan uwa. Mun koma wani gidan haya a unguwar Bobiyel a nan Yamai wata biyu da suka wuce, kuma gidan irin na sabon gini ne wanda aka haɗa madafa da salon a ɗaki ɗaya ba tare da ƙofa a tsakaninsu ba. Tsawon ɗakin mita 7 ne, faɗinsa mita 4. Kantar girki tana manne da bangon ƙurya daga wannan gefe zuwa wancan, resho yana hagu, wurin wanke-wanke yana tsakiya a ƙarƙashin babbar taga, firigo kuma yana dama. Ƙofar shigowa tana ɗaya bangon da ke fuskantar madafar, kusa da kusurwar dama, saboda haka duk wanda ya yi sallama ya shigo, tukwanena ne abu na farko da idonsa zai sauka a kansu. Mamallakin gidan ya faɗa mana tun ranar da muka biya kuɗin ajiya cewa ba ya son a ƙara ko bulo ɗaya. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zama a irin wannan gida, ko suka san aikin, a kan yadda zan sa wurin zama ya bambanta da wurin girki, musamman idan maigida ya yi baƙi maza ko surukaina sun zo.

Magini_Talaje:
Wa alaikumus salam. Malama, abin da muke yi wa mutane shi ne rabin bango. Ana jera bulo layi biyar, a shafe shi da siminti, a ɗora karo a samansa, sai ya zama tsayinsa ya kai mita ɗaya da ɗoriya. Aikin kwana biyu ne, ba ya motsi, gara ba ta cin sa, kuma yara ba za su iya ture shi ba.

Zara'u_Yantala:
Malam Magini, ina jin ba ka lura da abin da ta ce ba, an hana ta ƙara ko bulo ɗaya. Yaya Maman Nafisa, ni labule na yi amfani da shi a gidanmu na farko. Na sayi yadi mai kauri a Babbar Kasuwa, aka sa mini sandar ƙarfe daga bango zuwa bango, idan baƙi sun zo in ja shi, idan sun tafi in yaye. A watannin farko na ji daɗinsa ƙwarai, domin babu abin da ya kai shi sauƙin kuɗi kuma yana rufe komai daga sama har ƙasa. Amma ya kamata in faɗa miki abin da ya biyo baya. Yadin ya riƙa shan tururin mai da ƙamshin daddawa, ƙurar hunturu ta manne a kan maiƙon, har ya zama duk sati biyu sai na sauke shi na wanke. Abin da ya sa na cire shi gaba ɗaya shi ne ranar da fankar sama ta kaɗa gefensa ya kusa taɓa wutar resho, ina tsaye a wurin. Tun daga ranar ban ƙara yarda da labule kusa da gaz ba.

Magini_Talaje:
Gaskiya ne, Malama Zara'u, na tsallake wannan layin. Ku gafarce ni. Amma tsayin da na ambata yana nan daram, ko da wane irin abu za a yi shi.

Rabi_Lazare:
Ni a ganina ba sai an tsayar da wani abu a tsakani ba. Ki shimfiɗa babban kafet a ɓangaren zama, wanda ƙafafun gaba na kujerun duka za su hau kansa, ki bar karon madafa a fili. Sannan ki canza fentin bangon madafar zuwa wani launi mai ɗan duhu, kamar ruwan ƙasa, ki bar salon da farinsa. Ido da kansa zai gane cewa wuri biyu ne. Haka na yi a gidana kuma duk wadda ta zo sai ta yaba.

Mai_Zanen_Gini:
Assalamu alaikum. Aikina zanen gine-gine ne, kuma irin wannan tambayar tana yawan zuwa mini tun da aka fara gina gidajen haya masu buɗaɗɗiyar madafa a sababbin unguwanni. Kafin a yi maganar kaya, yana da kyau a bambanta buƙatu biyu da mutane suke haɗawa. Akwai mai son ɗakin ya nuna cewa nan wurin zama ne, can wurin girki ne, kuma wannan kafet da fenti suna biya masa, kamar yadda Malama Rabi ta ce. Akwai kuma mai son a tare ido, kada baƙo ya ga tukunya da kwanukan da ba a wanke ba da wadda take tsaye tana aiki. Idan na fahimci Maman Nafisa daidai, buƙatarta ta biyun ce, kuma kafet ba ya tare ido ko kaɗan.

Bari in bi ɗakinki da awo. Kantar da ke jikin bango yawanci zurfinta santimita 60 ne, tsayinta kusan 90. Bayanta kina buƙatar fili na tsayawa da juyawa da buɗe ƙofar firigo. Ƙasa da santimita 90 takura ce, kuma tunda a gidajenmu ba a rasa mai taya aiki, ina ba da shawarar 110. Bayan wannan filin sai a ajiye dogon kabad mai tsayuwa da kansa, mai zurfin santimita 45, ƙofofinsa suna kallon madafa, bayansa mai sumul yana kallon salon. Idan kin haɗa waɗannan uku za ki ga madafar ta ci mita 2 da santimita 15, ya rage miki kusan mita 4 da santimita 85 na zama, wanda ya isa kujeru da tabur da talabijin.

Kabad ɗin kada ya kai bango zuwa bango. A yi shi guda biyu, kowanne mita 1 da santimita 40, a fara jera su daga bangon hagu inda resho yake, a bar hanyar mita 1 da santimita 20 a dama. Na zaɓi dama ne saboda ƙofar shigowarki tana wannan gefen, abin da mai shigowa zai hanga ta cikin hanyar kuwa shi ne firigo, wanda rufaffen abu ne mai tsabta. Na raba shi biyu kuma saboda ranar da za ku tashi daga gidan ya iya fita ta ƙofa.

Maman_Nafisa:
Na gode ƙwarai, Malam. Ka fahimce ni daidai, tare ido nake so. To tsayin kabad ɗin fa? Idan aka yi shi daidai da kantar girki, wato 90, zai isa?

Mai_Zanen_Gini:
Ba zai isa ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Abin da ake aunawa shi ne tsayin idon mai kallo. Wanda ya zauna a doguwar kujera, idonsa yana kusan santimita 110 daga ƙasa. Idan abin da ke tsakani 90 ne, yana kallon saman kantarki daga sama, ba abin da ya ɓoyu gare shi. Idan aka ɗaga gefen kabad ɗin da ke kallon salon zuwa 110, to ganinsa ya daidaita da bakin katakon, duk abin da ke ƙasa da wannan tsayin ya ɓace masa: kwanuka, wuƙa, kayan miya, wurin wanke-wanke. Abin da zai rage masa shi ne saman babbar tukunya, domin resho yana ƙara wa kanta kamar santimita 10, tukunyar kuma tana ƙara ashirin da wani abu. Wanda ya zauna a ƙasa a kan kafet, kamar yadda dattawanmu da yawa suka fi so, shi ba zai ga komai ba sai saman taga.

Wahalar tana wajen wanda yake tsaye. Namiji mai matsakaicin tsayi idonsa yana wajen 160, kuma daga bakin ƙofarki ganinsa yana gangarowa ta saman kabad ɗin ya sauka daidai kan kantar girki. Saboda haka 110 yana maganin mai zama, ba ya maganin mai shigowa, kuma ba ya ɓoye ke da kike tsaye, za a gan ki daga ƙirji zuwa sama. Ban faɗi wannan don in karya miki gwiwa ba, sai don ki san iyakar abin kafin ki kira kafinta.

Hajiya_Ta_Tawa:
Ƴata, ina karanta maganarku tun ɗazu daga nan Tawa. Mu da muka tashi, madafa tana can gefen tsakar gida, baƙo namiji kuma iyakarsa zaure, ba a taɓa tunanin zai ga uwargida da muciya a hannu ba. Ɗana ya yi irin wannan gini naku a Yamai, kuma duk lokacin da na je ina ganin yadda matarsa take fama da hijabi a gaban wuta a cikin zafin watan Afrilu, don kawai abokan mijinta suna zaune a salon. Wannan ne ya fi damuna fiye da ganin kwanuka. Malam mai zane ya faɗi gaskiya da ya ce za a gan ki daga ƙirji zuwa sama, to idan haka ne, ni a wurina ba a raba komai ba tukuna. Ki nemi abin da zai rufe wurin da kike tsayawa a gaban resho, ko da sauran ya zauna a buɗe.

Kafinta_Katako:
Hajiya ta taɓo inda aikinmu yake shigowa. Abin da ake yawan sa mu yi yanzu shi ne jerin sandunan katako a tsaye, daga saman kabad zuwa sama, da ɗan tsaga a tsakaninsu. Muna yanka su kauri santimita 3, zurfi 8, a bar tazarar 6, siririn gefen yana kallon salon. Haske yana wucewa, iska tana wucewa, ɗaki ba ya yin duhu, kuma mutum ba ya ganin abin da ke baya sosai. Sai dai ina gargaɗi a kan katakon da bai bushe ba. Idan aka yi aikin da ɗanyen katako a damina, da hunturu ya shigo sai sandunan su fara lanƙwashewa, tazarar ta daina daidaita, kuma ido yana saurin kama wannan. A kuma shafa maganin gara kafin a yi fenti, musamman a ƙasan kabad ɗin, a ɗora shi a kan gajerun ƙafafu don ruwan gugar ƙasa kada ya riƙa jiƙa shi.

Mai_Zanen_Gini:
Malam Kafinta, maganarka a kan bushewar katako da gara babu abin da zan ƙara a kai. Amma a kan yadda ake jera sandunan, ina da gyara dangane da wannan ɗakin. Sanduna masu zurfi da siririn gefe a gaba suna tare ido ne idan mutum yana kallonsu ta gefe, domin a lokacin zurfin kowace sanda yana rufe tsagar da ke kusa da ita. Wanda ya fuskance su kai tsaye yana gani ta cikin tsagar sarai, kuma da kauri 3 da tazara 6, kashi biyu cikin uku na wurin a buɗe yake. Ɗakin Maman Nafisa dogo ne, mai shigowa da mai zama duk kusan kai tsaye suke fuskantar madafar. Ƙari a kan haka, tagar tana bayanta, saboda haka da rana hasken zai fito da siffarta a fili ta cikin sandunan.

Hanya biyu ce ke gyara wannan. Ta farko ita ce a juya faɗin katakon ya kalli salon, faɗi 8 da tazara 4, sai ya zama kashi biyu cikin uku ne a rufe. Ta biyu, wadda na fi so, ita ce a karkata kowace sanda rabin kwana, kamar ganyen tagar gilashi da aka ɗan buɗe amma a tsaye. Katako mai faɗin santimita 10 idan aka karkata shi haka yana rufe kusan 7 ga mai kallo daga gaba, to idan aka jera su kowace santimita 7, mai fuskantarsu ba ya ganin komai, amma iska da wani ɓangare na haske suna bi ta gefe. A kula da gefen da tsagar take buɗewa: ta kalli bangon hagu inda babu kowa, kada ta kalli ƙofar shigowa. Kuma ba sai an yi wa kabad biyun ba. Wanda ke gaban resho kawai za a yi wa, har zuwa tsayin mita 2, ɗayan a bar shi a buɗe don hasken taga ya isa salon.

Kafinta_Katako:
Na karɓi gyara, Malam. Inda na yi irin wancan a baya, madafar tana gefe ne da kujeru, shi ya sa ya yi aiki. Karkatattun sun fi cin katako da lokaci, wannan kam ta sani tun yanzu. Akwai kuma abu guda da bai kamata a yi wasa da shi ba. Abu mai tsayin mita 2 a kan gindi mai santimita 45 yana iya kifewa idan yaro ya rataya a jikin ƙofarsa. Dole a ɗaure shi da bangon hagu da ƙarfe mai kusurwa da ƙusa biyu ko uku. Ramin ƙusa ba gini ba ne, ana toshe shi ranar tashi, amma a nemi izinin mamallakin gidan tukuna. A kuma riƙa ajiye kaya masu nauyi, irin buhun shinkafa da jarkar mai, a ɓangaren ƙasa.

Ɗan_Adar:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata da zancen. Duk wannan da kuke lissafawa ido ne kawai yake tarewa, hanci kuma babu ruwansa da kabad. Ranar da aka soya kifi ko aka ƙona tattasai a mai, kujeru da labulen salon da rigar baƙo duk sai sun ɗauka. Mu a gidanmu mun sayi irin murfin nan mai zuƙar hayaƙi da ake ratayawa a saman resho, amma ba mu ga amfaninsa ba, ƙara kawai yake yi. Daga ƙarshe uwargida ta mayar da suya da tuƙin tuwo bayan gida a kan murhun gawayi, resho na ciki ya zama na shayi da ɗumame.

Mai_Zanen_Gini:
Malam Ɗan Adar, ina zaton naku irin wanda ba shi da bututun fita waje ne. Wannan nau'in yana zuƙar iska ya tace ta ya mayar da ita cikin ɗakin, yana rage maiƙo idan ana wanke ragarsa kuma ana canza matatarsa, amma zafi da tururi suna nan inda suke. Hanyar ganewa ita ce ka duba samansa ko bayansa, idan babu bututun da ya huda bango, to shi ne. Mai bututu yana buƙatar a huda bango, wanda Maman Nafisa ba za ta samu izininsa cikin sauƙi ba. Abin da zai yiwu gare ta shi ne ƙaramar fanka mai fitar da iska da ake dasawa a gurbin gilashin taga ɗaya, a ajiye gilashin don a mayar da shi daga baya. Idan tana aiki, sai a ɗan buɗe ƙofar shigowa ko tagar salon, iska ta riƙa tafiya daga wurin zama zuwa madafa zuwa waje. A kuma kashe fankar sama lokacin suya, domin ita take gauraya iskar ɓangarorin biyu.

Tunda an ambaci resho, bari in ƙara da wannan. Mutane idan suka samu sabon kabad sukan so su ɓoye tulun gaz a cikinsa don kyan gani. Gaz ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake taruwa, saboda haka rufaffen kabad wuri ne mai haɗari gare shi. Ki bar tulun a gefen resho inda iska take ratsawa, bayan sandunan ai babu mai ganinsa.

Abban_Sadik:
Ni zan yi magana a matsayin maigida mai yawan baƙi. Abin da ya fi taimaka mana bai ci ko dala ba. Da farko talabijin ɗinmu yana kusa da madafa, kujeru suna fuskantarsa, sai ya zama duk mai zama madafar yake kallo. Muka mayar da talabijin bangon da ke nesa, muka juya doguwar kujera ta ba madafa baya. Tun daga nan baƙona ba shi da dalilin waiwaye, kuma mutumin kirki ba ya waiwaya ya kalli matar aure tana aiki. Bayan kujerar da kansa ya zama iyaka tsakanin wuraren biyu.

Rabi_Lazare:
Abban Sadik, wannan yana yi idan baƙin maza ne. Amma idan ƴan uwana mata ne suka zo, ko uwar mijina, ba na jin daɗin a ce sun ba ni baya ina magana da ƙeyarsu, kuma ita ma surukar tawa za ta ga kamar an ware ta. Amfanin irin wannan ɗaki shi ne ina girki ina hira. Shi ya sa har yanzu nake ganin kada a cika rufewa.

Abban_Sadik:
Ai ba duka kujerun ake juyawa ba, Malama Rabi. Doguwar ce kawai take ba da baya, ƙananan biyu suna gefe, mai son hira da uwargida sai ta zauna a can. Amma na yarda cewa kowane gida da irin baƙinsa.

Zara'u_Yantala:
Ban ga wanda ya yi maganar fitila ba, alhali da dare ita ce take tona asirin madafa. A gidan da muke yanzu akwai doguwar farar fitila a saman madafar, da zarar an kunna ta sai wurin ya fi ko'ina haske, ido kuma inda haske yake nan yake zuwa. Na daina kunna ta. Na sa ƙaramar fitila a ƙarƙashin kabad ɗin bango wadda take haska hannuna da tukunya kawai, a salon kuma na sa ampul mai ruwan ɗorawa, wanda aka rubuta 3000K a kwalinsa. Na madafar 4000K ne, ya fi fari kaɗan, yana nuna launin nama da miya daidai. Idan na gama aiki na kashe ta, sai madafar ta koma inuwa kamar babu ita. Sharaɗin shi ne kowane ɓangare ya kasance da makunninsa daban.

Magini_Talaje:
Wani abin da ake nema a wurinmu shi ne a ɗaga daɓen madafa da taki ɗaya don ya bambanta da salon. Ba na ba kowa shawarar haka, ko da gidansa ne. Mace tana ɗauke da tukunyar ruwan zafi ko tiren abinci ba ta ganin ƙafarta, tsoho kuma da dare ba ya tuna akwai taki a wurin. Bakin kafet ma kada ya faɗo a hanyar nan ta dama da aka ce a bari, a ja shi baya.

Mai_Zanen_Gini:
Maman Nafisa, kafin ki ba da kuɗin katako, ki yi gwajin da ba ya cin komai. Ki auna mita 2 da santimita 15 daga bangon ƙurya, ki tsayar da kujeru biyu, ki ɗaura igiya a tsayin 110, ki yafa zane a kai. Ki yi girkinki haka na kwana uku ko huɗu. Ki sa maigida ya zauna, ya tsaya a bakin ƙofa, ya faɗa miki abin da yake gani, ke ma ki bar santimita 45 na zurfin kabad a gaban igiyar ta ɓangaren madafa, ki lura ko filin da ya rage ya ishe ki.

Maman_Nafisa:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana biyar da sakamakon gwajin igiya. Filin 110 ya ishe ni da yarinyar da take taya ni, firigo ma yana buɗewa ba tare da ya tare hanya ba. Maigida ya tabbatar da abin da Malam ya faɗa: a zaune ba ya ganin komai sai murfin babbar tukunya da kaina, a tsaye kuwa yana ganin kantar duka. Mun juya doguwar kujera kamar yadda Abban Sadik ya ce, kuma ya rage mini takura sosai. Mamallakin gidan ya amince da ƙusa a bango, fankar taga kuma ya ce sai ya yi tunani.

Amma gwajin ya nuna mini abin da ban zata ba. Nafisa watanta tara, rarrafe take yi, kuma da na yafa zanen sai na ga cewa daga gaban kanta ba na ganin ƙasan salon kusan gaba ɗaya. Sau uku ina barin tukunya a wuta ina zagayowa in duba ta. A da, ko waiwayawa na yi ina ganinta.

Mai_Zanen_Gini:
Wannan gaskiya ne kuma ya kamata in ambata tun farko. Abin da ya tare ganin baƙo daga can shi yake tare naki daga nan. Da tsayin 110, yaro mai rarrafe sai ya yi nisan fiye da mita biyu da rabi daga kabad ɗin kafin ki hango shi. Idan aka bar kabad na biyu, wanda ke kusa da hanya, a tsayin 90, nisan yana raguwa zuwa mita ɗaya da ƴan kai. Sai dai wannan kabad ɗin shi ne a gaban wurin wanke-wanke, saboda haka kwanuka za su sake bayyana ga mai zama a kujerar da ke fuskantar madafa. Kafinta zai iya yin ƙarin santimita 20 ɗin a matsayin allo mai cirewa, wanda ake zura shi a gurbi idan baƙi sun zo.

Kafinta_Katako:
Ana iya yin sa, amma allon mita 1 da santimita 40 da ake cirewa ana mayarwa kullum, gurbinsa yana saki cikin ƴan watanni, kuma sai an nema masa wurin jingina. Ni da zan zaɓa, da na sa masa maratayi ya riƙa kwantawa a kan kabad ɗin idan ba a buƙatarsa.

Hajiya_Ta_Tawa:
Ƴata, yaro mai rarrafe goya shi ake yi ko a ba wani ya riƙe, bai kamata a dogara da hange daga gaban wuta ba, kuma hanyar nan ta dama ita ma tana buƙatar ƴar ƙofa gajera kafin Nafisa ta fara tafiya. Ni tambayata ga masu sandunan katako ita ce wankewa. A Tawa idan buji ya taso, ko rufaffen kwano sai ka tarar da ƙura a kansa, na san Yamai ma haka take. Sanduna wajen ashirin, karkatattu, kusa da tururin mai, wa zai riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya da tsumma?

Kafinta_Katako:
Hajiya, aiki ne kam, ba zan ɓoye miki ba. Idan aka yi musu fentin mai mai sheƙi, tsumma da ruwan sabulu yana ɗauke maiƙon da sauri, amma wanda aka bari da garjensa yana riƙe datti. Wasu suna sa mai walda ya yi firam na ƙarfe a saka gilashi mai hazo a ciki, shafa ɗaya ya isa kuma haske yana wucewa, sai dai iska ba ta ratsa shi, a watan Mayu kuwa mai tsayawa a bayansa za ta ji a jikinta.

Maman_Nafisa:
Na gode muku duka. Na yanke shawarar fara yin kabad biyun, na hagu a 110, na dama a 90 da allo mai kwantawa, tare da ƴar ƙofar da Hajiya ta ce. Abin da zai hau saman na hagu ne ban tsayar ba tukuna, domin maigida ya fi son gilashin saboda tsabta, ni kuma zafin nake tsoro. Malam Kafinta, idan aka yi kabad ɗin yanzu, za a iya ɗora sandunan ko gilashin a kansa daga baya ba tare da an sake kwance shi ba? Kuma idan akwai wadda ta yi bazara guda tana girki a bayan irin wannan gilashi a nan Yamai, ina roƙon ta faɗa mini yadda ta ji.